Shafi 14 na rubuta a taron bita, shugabata ta ce ba rahoto ba ne

Assalamu alaikum Anti. Ina hidimar ƙasa a wata ƙungiya mai aiki da manoma a Kano. Ranar Laraba muka yi taron bita kan adana wake, aka ce ni zan ɗauki rahoton zaman rana, wanda ya ci awa biyu da rabi. Ban bar maganar kowa ba, sai da na cika shafi 14, na kwana biyu ina bugawa. Shugabata ta dawo mini da shi, ta ce wannan labarin taro ne, ita rahoto take so mai muhimman batutuwa da shawarwari, kada ya wuce shafi biyu, zuwa Litinin. Ban san me zan cire ba, kuma ina tsoron manyan da suka yi magana su ga babu sunansu su ji haushi. Ga hoton rubutuna na haɗo.

'Yar hidimar ƙasa, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta shafukan nan daga farko har ƙarshe, kuma rahoton da ake nema yana cikinsu. Kin yi rabin aikin da ya fi wuya, wato saurare. Abin da ya rage shi ne tankaɗe, kuma ba za ki iya tankaɗe ba sai kin san wa kike tuƙa wa tuwon.

Mai karanta rahoton nan mutum ne da bai shiga ɗakin taron ba. Wataƙila shugabar taki ce za ta tura shi ga masu ba ƙungiyarku tallafi, ko ga wani jami'i a hukumar aikin gona. Minti biyar gare shi, kuma bayan ya karanta akwai abin da zai yanke: a sa kuɗi a nan ko a can, a tura malaman gona ko kada a tura. Bai damu da wanda ya fara magana da wanda ya biyo baya ba. Yana son ya san me aka gano, a ina aka yarda da juna, a ina aka saɓa, kuma me aka ce a yi. Rubutunki ya bi agogo ne, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu da rabi. Haka sakataren kwamiti yake rubuta bayanin zama, yana bin ajanda ɗaya bayan ɗaya. Rahoton taron bita kuwa batu yake bi, ko da an faɗi rabin batun a farkon zama, ɗaya rabin kuma ana shirin tashi.

Ki buga shafukan a takarda, ki ɗauki biro, ki bi su layi-layi. Kowane layi ki tambaye shi ko mene ne. In bayani ne da aka kawo, kamar yadda ƙwaro yake shiga wake tun daga gona, ki sa masa alamar B a gefe. In abu ne da aka faɗa kuma wasu suka goyi baya ba wanda ya musa, ki sa Y. In an ja juna a kansa, ki sa S. In wani ya ce a yi kaza, ki zagaye layin gaba ɗaya. Layin da bai samu ko ɗaya ba ya fita. Na gwada hakan da rubutunki, shafi uku na farko suka tafi kusan ɗungurungum, domin addu'ar buɗe taro ce da gabatar da manyan baƙi da gaisuwa da godiya ga waɗanda suka shirya. Waɗannan duk sun faru, sun kuma dace da wurin, amma ba su ne za su canja shawarar mai karatu ba.

Abin da ya saura in kin tara shi, za ki ga batu uku ne kawai aka yi ta zagayawa. Na farko, dalilin da ya sa har yanzu ake zuba fiya-fiya a wake duk da an san haɗarinsa. Na biyu, buhun nan mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. Na uku, ko wannan buhun zai yi aiki a hannun manyan 'yan kasuwa kamar yadda yake yi a ɗakin manomi. Su ne kanun rahotonki.

Bari in nuna miki da batu na biyu. A shafi na 4 kin rubuta cewa mai gabatar da maƙala ya bayyana yadda buhun yake aiki. A shafi na 7 wani malamin gona ya ce a ƙauyukan da yake zuwa wasu sun saya, waken ya lalace, suka daina. A shafi na 9 wani manomi ya ce ɓera ya huda nasa. A shafi na 13 wata mata daga ƙungiyar mata manoma ta ce ita tana shanya wakenta sosai kafin ta zuba, tana ɗaure kowace leda daban, kuma ba ta taɓa asara ba. Kin rubuta su a wuri huɗu kamar magana huɗu, alhali magana ɗaya ce. Ga yadda za ta zauna a rahoto:

"An bayyana cewa buhun yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana iska shiga, ba tare da an sa magani ba. Mahalarta da suka yi amfani da shi sun nuna cewa nasararsa ta dogara ga abu uku: a shanya wake ya bushe sosai kafin a zuba, a fitar da iska a ɗaure kowace leda daban, kuma a ajiye buhun inda ɓera ba zai huda shi ba. An ba da misalan wuraren da manoma suka daina amfani da shi bayan wake ya lalace, kuma tattaunawar ta danganta hakan ga rashin koyar da waɗannan matakai a lokacin sayarwa."

Layi biyar ke nan a madadin kusan shafi biyu, kuma mai karatu ya fita da abin da zai iya aiki da shi. Jimlar ƙarshe ki tabbatar da ita a rikodin ɗin wayarki kafin ki bar ta. In da gaske an danganta abin ga rashin koyarwa, ta zauna. In ke ce kika haɗa a ranki, ki cire ta, domin ba ra'ayinki aka aike ki ɗauko ba.

Ki lura da wani abu a wannan misali. Matar nan layi uku kacal ta samu a rubutunki, don ta yi magana ne ana gab da tashi, shugaban zama yana duba agogo. Wani babban baƙo kuwa ya ci shafi biyu da rabi yana tarihin noman wake a zamanin iyayensa. A rahoto, maganar matar ita ce ƙashin bayan sakin layin, maganar babban baƙon kuma da ƙyar za ta samu rabin jimla. Wannan yana faruwa a kusan kowane taro a ƙasarmu. Manya su fara, su ja dogon lokaci, mata da matasa da masu aikin da hannunsu a bar musu mintocin ƙarshe. Mai ɗaukar rahoton da ya auna magana da tsawonta zai sake danne waɗanda aka riga aka danne a ɗakin. Ki auna ta da abin da ta ƙara wa batun.

Yanzu wurin da na fi so ki tsaya, wato shafi na 10 zuwa na 12. A nan wani ɗan kasuwa daga Dawanau ya ce buhun ba zai yi musu ba. Dalilansa masu ƙarfi ne. Mai saye ba ya yarda sai an soka ƙarfe a buhu an fitar da samfur ya gani, 'yan dako kuma suna jan buhu suna jefawa, da zarar leda ta huje aikin buhun ya ƙare. Mai maƙala ya amsa cewa ana iya ajiye waken a buhun a sito, in lokacin sayarwa ya yi a juye a buhun gama-gari. Ɗan kasuwar ya ce wa zai biya kuɗin juyewar a kan ɗaruruwan buhuna? Daga nan shugaban zama ya ce lokaci ya tafi, aka wuce.

A bugun da kika yi kin rufe wannan wuri da cewa "daga ƙarshe an amince buhun shi ne mafita." Ƙanwata, ba a amince ba. Na duba rubutun hannunki, babu inda ɗan kasuwar ya janye. An yi shiru ne don an tsayar da magana, kuma shiru a taro ba yarda ba ce, musamman a wurinmu da ƙarami ba ya son ya ci gaba da jayayya da malami a gaban jama'a. Wannan ne kuskure mafi tsada da mai ɗaukar rahoto yake yi, kuma yawanci da kyakkyawar niyya yake yin sa, don yana son taron ya fito a matsayin wanda aka tashi lafiya. In kika bar jimlar nan, wani zai karanta, ya sa kuɗi a raba buhuna ga 'yan kasuwa, buhunan su ƙare a hannun masu zuba gawayi, sannan a ce taron ne ya ba da shawarar. Ki rubuta abin da ya faru:

"Ba a cimma matsaya ba kan dacewar buhun ga manyan 'yan kasuwa. Wakilin 'yan kasuwa ya nuna cewa soka buhu don ganin samfur da yawan lodi da saukewa suna huda ledar. An ba da shawarar a yi ajiya a buhun, a juye a wani lokacin sayarwa, amma ba a amsa tambayar wanda zai ɗauki kuɗin juyewar ba."

Shugabarki za ta fi amfana da wannan sakin layi fiye da kowane a rahoton, domin ya nuna mata aikin da ya rage.

Kalmomin da kike haɗa jimla da su ma suna da nauyi daban-daban, ki riƙe su da hankali. "An amince" sai inda shugaban zama ya tambayi ɗaki aka amsa, ko mutane da yawa suka goyi baya a fili. "Mahalarta da dama sun nuna" inda uku ko huɗu suka faɗi abu ɗaya. "Wani mahalarci ya ba da shawara" inda mutum ɗaya ne. In rahoton da Turanci za ki miƙa shi, alhali da Hausa aka yi yawancin tattaunawar, sai ki ƙara kula. Jami'in da ya ce "za mu duba, in sha Allahu" bai ɗauki alkawari ba, ke ma kin sani. Kada fassararki ta mayar da shi wanda ya yi alkawari. Ki ce ya bayyana cewa za a duba batun, ba tare da an sa lokaci ba.

Akwai wuri biyu da gaskiyar bayani take buƙatar hannunki. A shafi na 5 kin rubuta cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2016, a shafi na 8 kuma wani ya ce 2015. Rahoto ba zai ɗauki duka biyun ba tare da bayani ba. An fara dakatar da busasshen waken Nijeriya ne a 2015, saboda an sami sinadarin kashe ƙwari irin wanda ke cikin fiya-fiya fiye da ƙima, aka kuma tsawaita dakatarwar da shekara uku a 2016. Kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya. Duk wani adadi ko shekara da za ki sa, ki nemi kwafin maƙalar da aka haska a majigi ki gwada da shi, kada ki dogara da kunnenki. Wanda ba ki samu tabbacinsa ba, ko ki bar shi, ko ki jingina shi ga wanda ya faɗa: "a cewar mai gabatar da maƙala."

Na biyun shi ne inda wani ya ce ai akwai magani a jikin ledar buhun, shi ya sa ƙwaro yake mutuwa. Wannan ba daidai ba ne, rashin iska ne yake kashe ƙwaron. Ba za ki sa maganarsa cikin abubuwan da aka gano ba, ba kuma za ki yi masa gyara da sunansa ba. Amma kada ki jefar da ita, domin ita kanta labari ce. Ki rubuta cewa tattaunawar ta nuna har yanzu wasu suna ɗauka akwai magani a jikin ledar. Mai shirya wayar da kai yana buƙatar sanin haka.

Sai shawarwari. Na ƙirga layukan da za ki zagaye, sun kai 17. Da yawansu maimaici ne, in kin haɗa masu kama da juna za su dawo shida ko bakwai. Daga cikin waɗannan akwai irin su "gwamnati ta taimaka wa manoma" da "a wayar da kan jama'a." Irin wannan buri ne. Shawarar da za ta yi aiki tana faɗin wanda zai yi, da abin da zai yi, da lokacin da zai yi shi. Gwajinta mai sauƙi ne: bayan wata shida, wani zai iya ɗaukar takardar ya ce an yi ko ba a yi ba? "A wayar da kan jama'a" ba za ta taɓa faɗuwa wannan gwaji ba, ba kuma za ta taɓa cin sa ba, shi ya sa ba ta da amfani.

Amma a nan akwai tarko. Ba ke za ki ƙirƙiro wanda zai yi da lokacin ba. Ki koma cikin rubutunki ki nemo su, sau da yawa suna nan a warwatse. Wanda ya ce a wayar da kai yana shafi na 6. A shafi na 7 malamin gonar nan ya ce da za a ba su buhunan gwaji da sun nuna a kasuwannin ƙauye. A shafi na 13 matar nan ta ce a yi kafin a fara roron wake, don in an riga an zuba magani an makara. Uku ɗin in sun haɗu:

"Ƙungiyar da ta shirya taron, tare da malaman gona, ta gudanar da nunin yadda ake shanya wake da ɗaure buhun a ranakun kasuwa, kafin fara girbin wake na bana."

Kowace gaɓa ta wannan jimla daga bakin wani a ɗakin ta fito. Abu ɗaya ne kika ƙara, wato ɗora aikin a kan ƙungiyarku, kuma wannan sai kin tambayi shugabarki da shugaban zaman kafin ya tsaya. Inda kika nema kika rasa wanda zai ɗauki aikin, ki rubuta shawarar yadda aka faɗe ta, ki ƙara "ba a fayyace wanda zai aiwatar ba." Hakan ya fi ki ɗora wa wata hukuma nauyin da wakilinta bai karɓa ba, ko ma bai halarci zaman ba.

Ki raba shawarwarin gida biyu: waɗanda zaman ya amince da su, da waɗanda ɗaiɗaikun mahalarta suka kawo ba a tattauna ba. A rubutunki guda uku ne shugaban zama ya maimaita a jawabinsa na rufewa ba wanda ya musa, su ne gidan farko in rikodin ya nuna an goyi bayansu. Shawarar da wani ya kawo ta a hana sayar da fiya-fiya a kasuwannin hatsi gaba ɗaya tana gida na biyu, komai kyawunta a ganinki, domin ba wanda ya ɗauke ta bayan ya faɗa. Kowace shawara kuma ta kasance tana da uwa a cikin batutuwan da ke sama. In mai karatu ya ga shawara bai ga matsalar da ta haife ta ba, ko kin manta wani batu, ko shawarar ba ta wannan zaman ba ce.

Game da manya da sunayensu, ki kwantar da hankalinki. A saman rahoton za ki sa sunan zaman, da rana, da wuri, da shugaban zama, da mai gabatar da maƙala, da adadin mahalarta, da sunanki a matsayin mai ɗaukar rahoto. Takardar halarta da kowa ya sa hannu a kai ki manna ta a baya, kowa zai ga sunansa da muƙaminsa a can. Ki duba rubutun sunaye da sarautu da kyau, domin a nan ne ake jin haushi na gaske. A cikin tattaunawa kuwa ki yi amfani da matsayi: wani malamin gona, wakilin 'yan kasuwa, wakiliyar mata manoma. Wannan kariya ce gare su. Ɗan kasuwar da ya faɗi gaskiya cewa ana zuba magani a sito ba zai gode miki ba in ya ga sunansa kusa da wannan magana a takardar da za ta yawata ofisoshi. Ki kuma tambayi shugabarki ko an sanar a farkon taro cewa ana bin ƙa'idar Chatham House. Wata cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan ce ta kafa ta a 1927, kuma tana cewa ana iya amfani da abin da aka faɗa, amma ba a bayyana wanda ya faɗa ko inda yake aiki. In an sanar da ita, ko "wakilin hukuma kaza" ba za ki rubuta ba. Suna yana shiga tattaunawa ne kawai inda mutum ya ɗauki alkawari a madadin ofishinsa a fili, kuma nan ma sai an nuna masa jimlar ya yarda.

Shafi biyun za su ishe ki. Bayan bayanan saman, layi uku ko huɗu kan manufar zaman, gajeren sakin layi ɗaya kan maƙalar, tunda kwafinta yana nan ga mai so, sannan batutuwa ukun su ci kusan shafi guda, shawarwari su ci rabin shafi, tambayar kuɗin juye buhu ta zauna a ƙarshe ƙarƙashin abubuwan da ba a warware ba.

Kada ki zauna sauraren rikodin ɗin awa biyu da rabi daga farko, zai mayar da ke inda kika fito. Wuri uku kawai za ki saurara: musayar ɗan kasuwa da mai maƙala, maganar matar nan, da jawabin rufewa na shugaban zama. Ki gama alamomi da tara batutuwa ranar Asabar da safe, ki rubuta da rana. Da yamma ki tura wa shugaban zaman sashen shawarwari kaɗai, ki ce masa, "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta an amince da shi, ga wanda aka kawo ba a tattauna ba, ko akwai gyara?" In ya nemi a mayar da saɓanin nan ya zama yarjejeniya, ki gaya masa cikin ladabi minti na nawa ne a rikodin, ki bar shugabarki ta yanke. Ranar Lahadi ki ba wani da bai je taron ba ya karanta, sannan ki karɓe takardar ki tambaye shi me aka ce a yi, kuma wa zai yi. Inda ya yi inda-inda, can ne jimlar da za ki gyara kafin Litinin.

Shafuka 14 ɗin nan kuma kada ki yar da su. Ki ajiye su tare da rikodin ɗin a fayil ɗin taron, ki gaya wa shugabarki inda suke, domin ranar da wani zai ce ba haka ya faɗa ba, su za a buɗe.